Babi na Shida: Zaɓen Mazaunin Cibiyar Rarraba Kaya ta Hanyar Tsakiyar Nauyi

Idan ka ɗora duwatsu uku masu nauyi daban-daban a kan faranti, sannan ka nemi wurin da yatsa ɗaya zai tallafe shi ba tare da ya karkace ba, za ka tarar wurin ya matsa kusa da dutse mafi nauyi. Haka wannan lissafi yake: taswira ce farantin, kayan da kowane shago ke karɓa kuwa su ne duwatsun.

Da farko a zaɓi kusurwar taswira ta kudu maso yamma a matsayin mafari, a auna nisan kowane shago daga can zuwa gabas, sannan zuwa arewa. A ce shago na farko yana kilomita 10 gabas da 20 arewa, yana karɓar tan 100 a mako. Na biyu yana 40 gabas da 50 arewa, shi ma tan 100. Na uku yana 70 gabas da 20 arewa, amma shi tan 300 yake karɓa. Jimillar kaya tan 500 ke nan.

A ninka nisan gabas na kowane shago da nauyin kayansa, za a sami 1,000 da 4,000 da 21,000, waɗanda suka tashi 26,000. Idan aka raba da 500, amsa ita ce 52. A yi wa arewa haka nan: 2,000 da 5,000 da 6,000 sun tashi 13,000, a raba da 500, a sami 26. Tsakiyar nauyi tana kilomita 52 gabas da 26 arewa, wato ta karkata wajen shago na uku.

Wani kuskure da masu koyo kan yi shi ne rabawa da yawan shaguna maimakon jimillar kaya, kuma gane shi ba wuya, domin dole amsar gabas ta faɗa tsakanin 10 da 70. Duk abin da ya fita daga nan, lissafi ya ɓaci. A kuma kula kada a haɗa kayan mako da na wata.

Sai dai kada a sayi fili saboda wannan amsa kaɗai, domin ba kullum take ba da sufuri mafi arha ba. A misalinmu, idan aka ninka tan da nisan da zai yi daga tsakiyar nauyi, jimilla ta kai wajen 12,600, alhali da a jikin shago na uku aka kafa cibiyar, da ba ta wuce wajen 10,200 ba. Haka abin yake duk lokacin da shago ɗaya ya kwashe fiye da rabin kaya. Bugu da ƙari, lissafin miƙaƙƙen layi yake aunawa, bai san kogi ko tsauni ko lalatacciyar hanya ba, don haka sai a fitar da filaye biyu ko uku da ke bakin babban titi a wannan yanki, a gwada su da ainihin nisan da mota za ta yi.