Yadda Ake Gane Ɗan Damfara da Kuɗin Ƙari a Rajistar JAMB

Kafin ka ba kowa ko sisi, nemi jadawalin kuɗin shekarar. Hukumar JAMB na fitar da shi a sanarwar fara sayar da fom, a shafinta na jamb.gov.ng da mujallarta ta mako-mako da ke shafin. Rubuta adireshin da hannunka. Kada ka bi mahaɗin da aka turo maka a waya, domin 'yan damfara kan ƙirƙiri shafi mai kama da na hukuma, sai dai ba ya ƙarewa da .gov.ng.

Ga yadda lissafin ya kasance a 2025: fom naira 3,500, littafin karatu 1,000, ladan cibiyar rajista 700, ladan cibiyar jarrabawa 1,500, cajin banki 500. Jimilla 7,200 ke nan. Mai son jarrabawar gwaji ya ƙara 1,500, ya zama 8,700. Farashin kan canja, don haka na bana za ka duba.

Abin lura shi ne naira 700 ɗin nan. Ladan cibiya yana cikin kuɗin da ka biya tun farko, JAMB ce ke tura wa cibiyar rabonta. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗin janareta, na dangwala yatsa, ko na tsallake layi, so yake ka biya abu ɗaya sau biyu. Nemi rasit. Yawanci daga nan ake fara kame-kame.

Lambar rajista kuwa ba a sayen ta a hannun kowa. Da layinka za ka tura kalmar NIN, ka bar tazara, ka sa lambobinka 11 na katin ɗan ƙasa, zuwa 55019 ko 66019, a cire maka naira 50. Da lambar da ta dawo za ka sayi e-PIN, wato lambar da ke nuna ka biya kuɗin fom, a banki ko wata kafar da sanarwar ta ambata, ba ta asusun wani mutum ba. Kada ka yarda ejan ya yi maka wannan da layinsa. Saƙonnin JAMB da duba sakamako a kan layin suke, in yana hannunsa sai ka riƙa biyansa kafin ka ga naka.

Sannan duba sunan cibiyar a jerin waɗanda aka amince da su a jiharka, a shafin hukumar. Shagon intanet na unguwa ba shi da ikon yin rajista, komai girman allon da ya kafa. Haka wanda ya ce ka zauna a gida zai ƙarasa maka, ƙarya yake, tunda sai an ɗauki hotonka da zanen yatsunka goma a cibiya.

In an riga an karɓi ƙari, adana shaidar biya da sunan cibiyar da ranar, ka kai ƙara ofishin JAMB na jiharka.