Daga Kawo zuwa Barnawa: inda jadawalin Floyd ke karkacewa

Dabarar da Robert Floyd ya wallafa a 1962, wadda ake kira Floyd-Warshall, gajeriya ce ƙwarai, shi ya sa ɗalibai ke raina ta. Aikinta shi ne gano hanya mafi gajarta tsakanin kowaɗanne wurare biyu. A ce unguwanni huɗu gare mu: Kawo (1), Barnawa (2), Unguwar Rimi (3), Tudun Wada (4). Don gwaji, mu ɗauka hanyoyin tafiya ce ba dawowa: Kawo zuwa Unguwar Rimi minti 10, daga can zuwa Tudun Wada 8, daga Tudun Wada zuwa Barnawa 12, Kawo zuwa Barnawa kai tsaye kuwa 40. A nan ƙasa, `V` jerin unguwannin ne, `d` kuma jadawali ne da gidansa `d[i][j]` ke riƙe da mintunan tafiya daga unguwa `i` zuwa unguwa `j`.

```
for k in V:
  for i in V:
    for j in V:
      d[i][j] = min(d[i][j], d[i][k] + d[k][j])
```

Babban kuskure shi ne tura `k` can ciki, a jera `i`, `j`, `k`. Wannan `k` zango ne. Duk zagaye ɗaya ana buɗe sabuwar unguwar da aka yarda a ratsa, a tambayi kowane gida na jadawalin ko ta rage masa tafiya. Zagaye na 1 da na 2 ba su canza komai, domin ba hanyar shiga Kawo, ba ta fita Barnawa. A na 3, Kawo zuwa Tudun Wada ya samu 18. A na 4 sai a ɗora 12 a kan wannan 18, sai 40 ya sauko 30.

To, in `k` na ciki fa? Za a duba Kawo zuwa Barnawa tun ba a san 18 ɗin ba, ba a kuma san 20 na Unguwar Rimi zuwa Barnawa ba. Sai 40 ya zauna, kuma ba mai waiwayarsa. Muguntar abin, sauran gidajen duk daidai suke fitowa a misalin nan, sai mutum ya ɗauka ya gama. Ni kam da jerin zango biyu nake gwadawa, in kuma hargitsa lambobin unguwannin, don in sun bi juna a jere kuskuren kan ɓuya.

Sai cika jadawalin farko. Wasu kan sa 0 inda babu hanya, alhali 0 na nufin tafiya kyauta: 40 ɗinmu zai koma 10 a zagaye na 3, ya ƙare a sifili. Sifili na `d[i][i]` ne, wato unguwa zuwa kanta. Inda ba hanya, lamba mai girma ake sawa.

Ita ma da tarkonta. A Java, in ka ƙara 10 a kan 2147483647, wato iyakar lambar da `int` ke ɗauka, lambar za ta kifa ƙasa da sifili, `min` ya rungume ta. Sa 1000000000, wadda ninkinta bai kai wancan iyaka ba, ko ka tsallake jimlar in ɗayansu bai da hanya. Tsallakewar ta zama dole in akwai hanyar da nauyinta, wato lambar da aka ba ta, ya yi ƙasa da sifili. A nan kuma duba `d[i][i]` bayan an gama: in ya gaza 0, akwai zoben da ke rage nisa duk kewaye, kuma amsar hanyoyin da za su iya ratsa shi ba abin dogaro ba ce.