Darasi na Shida: Kwali Nawa Kwantena Za Ta Ɗauka?

Ɗan kasuwar da zai yi odar kaya daga Chana, a sauke a tashar Apapa ta Legas, a ɗora wa tirela zuwa Kano, yana biyan kuɗin kwantena ne sukutum, ko ta cika ko ba ta cika ba. Shi ya sa lissafin kwali ya kamata ya riga biyan kuɗi.

Kwantenar da aka fi amfani da ita iri biyu ce: mai ƙafa 20 da mai ƙafa 40. Wannan sunan na tsawon waje ne, mu kuwa awon ciki muke bukata. Cikin mai ƙafa 20, tsawo daga ƙurya zuwa ƙofa wajen santimita 590 ne, faɗi 235, tsayi daga ƙasa zuwa sama 239. Mai ƙafa 40 faɗinta da tsayinta ɗaya da ƙaramar, tsawonta ne ya kai wajen santimita 1,203. Akwai kuma doguwar mai ƙafa 40 da ake ce wa hai-kyub, tsayin cikinta wajen 269.

Mu ɗauki kwali mai tsawon santimita 60, faɗi 40, tsayi 40, za a loda shi a mai ƙafa 20. A auna bayan kwalin, kuma bayan an cika shi an ɗaure, domin kwalin atamfa ko riguna yana yin ciki.

Mutane da yawa sukan raba filin kwantena gaba ɗaya da girman kwali ɗaya, su samu wajen 340. Wannan lissafin ya dace da ruwa ko hatsi da ake zubawa. Kwali ba ya lanƙwasa ya shige lungu, saboda haka kowane ɓangare daban ake lissafa shi.

Fara da tsawo. Raba 590 da 60, ka samu 9, saura santimita 50. Sai faɗi: raba 235 da 40, ka samu 5, saura 35. Sai tsayi: raba 239 da 40, ka samu 5, saura 39. Kada ka ƙirga saura, domin babu rabin kwali. Yanzu 9 sau 5 ya ba da 45, wato shimfiɗa ɗaya a ƙasa. Hawa biyar kuma, 45 sau 5, kwali 225 ke nan.

Ka tuna da santimita 50 da suka rage a bakin ƙofa? Kwali ba zai shiga ta tsawonsa ba, amma idan aka juya shi a gicciye yana bukatar 40 kawai. Uku za su jeru a faɗi, hawa biyar, an samu ƙarin 15. Jimla 240. Gwanin lodi yana iya matso wasu kaɗan, amma ba zai taɓa kusantar 340 ba. Wanda ya saya 340 zai bar kwali wajen ɗari a sito.

Abin da ya fi ci mini rai a wannan misali shi ne saman kwantenar. Hawa shida na bukatar santimita 240, wurin kuwa 239 ne. Santimita ɗaya tak ta hana kwali 48 shiga. Da tun farko an ce wa masana'anta ta yi kwali mai tsayin 38, hawa shida za su tsaya a 228, da ɗan sarari a sama. A sani kuma ƙofa ta fi cikin gajarta, wajen 228 take, don haka hawan ƙarshe na bakin ƙofa yakan ba masu lodi wahala.

Sai nauyi. Mai ƙafa 20 tana ɗaukar kaya wajen tan 28, mai ƙafa 40 kuwa, duk da girmanta, tana ɗaukar ƙasa da haka kaɗan, saboda ita kanta ta fi nauyi. Idan kwalinmu kilo 20 ne, 240 sun tashi kilo 4,800, babu damuwa. Amma tayil ko ƙusa za su kai iyakar nauyi tun kwantena ba ta cika ba. Don haka kaya masu nauyi ƙarama ake nema musu, masu cin wuri kamar takalma da robobi a nemi babba. Iyakar nauyi tana rubuce a jikin ƙofa. A tambayi mai tirela ma, domin dokar hanya tana iya rage abin da zai ɗauka.

Aikin gida

1. Da kwali mai 60, 40, 40, lissafa nawa za su shiga mai ƙafa 40.
2. Sake lissafin da hai-kyub. Hawa nawa aka samu?
3. Kwalin tayil ɗaya kilo 25 ne. Nawa za su cika tan 28? Tan ɗaya kilo 1,000 ne.