Babi na Shida: Nawa kilo ɗaya na kifi banda ya tsaya miki?

Darasi na ɗaya: ruwan da wuta ta shanye

Iyayena mata da 'yan'uwa masu sana'ar banda, wannan babin naku ne, ku matso da biro da littafi. Maza ma masu kawo kifi daga Dadin Kowa zuwa cikin Gombe ku zauna, lissafin ɗaya ne. Zan riƙa cewa "ke" don mata suka fi yawa a ajinmu.

Ɗanyen kifi kusan kashi uku cikin huɗu na nauyinsa ruwa ne. Idan kin sayi tarwaɗa a bakin dam, har da ruwan jikinta aka auna miki kuma kin biya kuɗinsa. Da kin dawo gida kin farke ciki kin zubar da kayan ciki, nauyi ya ragu. Kin ɗora kan waya wuta na ci, ruwa na fita, mai na ɗiga kan garwashi yana cuwww, nauyi ya ƙara raguwa. To amma kuɗin da kika biya fa? Shi bai ragu ba ko kwabo. Kifi ya ragu, kuɗi yana nan yadda yake, shi ya sa kilon busasshe dole ya fi kilon ɗanye tsada nesa ba kusa ba.

Saboda haka sau biyu za ki auna. Na farko yana ɗanye kafin ki taɓa shi da wuƙa. Na biyu bayan ya gama bushewa ya huce sarai. Kafin ki ɗora komai, duba allurar sikeli ta tsaya kan 0, wato wannan alama mai zagaye. In da roba za ki auna, fara ɗora robar babu komai ciki, ki rubuta nauyinta, daga baya ki cire.

Buɗe sabon shafi. A sama rubuta ƊANYE, ki bar layi ɗaya, ƙasansa ki rubuta BUSASSHE. Ki zagaye kalmar BUSASSHE da biro. Ki sake zagayewa. Kada ki ji kunya in rubutun ya karkace, ke za ki karanta abinki.

Misalinmu: ɗanye kilo 20, busasshe kilo 6. Naki zai iya zama 5 ko 7, ya danganta da irin kifin da ƙibarsa da kuma yadda kika bar shi kan wuta, don haka ki auna naki da kanki, kada ki ari lambar maƙwabciya.

Darasi na biyu: tara duk abin da ya fita

Kuɗin da zan kawo misali ne kawai don koyo, farashi yau daban gobe daban, in kin je gida ki sa na gaskiya.

Kin sayi tarwaɗa kilo 20, kowane kilo N2,500. Kilo 2 N5,000 ke nan, kilo 10 kuma N25,000, to kilo 20 ya zama N50,000. Rubuta 50, ki sa waƙafi, sai sifiri uku. Sifiri uku bayan waƙafi shi ne dubu. In kin sa biyu kawai, N5,000 kika rubuta, ki ƙirga su da bakin biro, ɗaya, biyu, uku.

Sai gawayi. Buhu N6,000 kika saya amma rabi kika ƙona a wannan zubin, to N3,000 za ki rubuta, sauran rabin na zubi na gaba ne. In da itace kike yi ko kina haɗawa da ɗan itace don hayaƙi ya ba shi kala, shi ma a rubuta. Kuɗin mota da ɗan dako N1,500. Gishirin da kika goge yauƙin tarwaɗa da shi da tsinken naɗewa, N500.

Sai aiki. Yarinyar da ta taya ki farkewa da wankewa kin ba ta N2,000, wannan kowa na tunawa. Wanda ake mantawa shi ne naki. Kwana biyu kina gaban durom, kina juya kifi kada ya ƙone, hayaƙi a ido, dare ki tashi ki duba wuta, kuma ki ce wai ai ni na yi da hannuna ba sai an rubuta ba? Haba Inna. Da wata kika ɗauka ta yi miki nawa za ki ba ta? To wannan kuɗin shi za ki rubuta wa kanki. Mu ce N3,000. Aiki gaba ɗaya N5,000.

Jera su ɗaya ƙarƙashin ɗaya, sifiri na kallon sifiri:

Kifi N50,000
Gawayi N3,000
Mota da dako N1,500
Gishiri da tsinke N500
Aiki N5,000

Mu tara a hankali. 50,000 da 3,000, 53,000. Da 1,500, 54,500. Da 500, 55,000. Da 5,000, 60,000 cif. Wannan N60,000 ita ce uwar kuɗi, ki ja layi biyu a ƙasanta.

Darasi na uku: da wace lamba za a raba?

Nan ne wurin da ake zamewa, kuma nan za mu daɗe, kowa ya yi haƙuri da ni.

Lamba biyu ce a saman shafinki, 20 da 6. Uwar kuɗi za ki raba da ɗaya daga ciki. Wacce? Ki tambayi kanki, me zan kai kasuwa? Kilo 20 za ki kai? A'a, kilo 14 sun tafi, wasu sun bi hayaƙi, wasu kuma kaji sun cinye a bayan gida lokacin da kika zubar da kayan ciki. Abin da ke cikin kwalinki kilo 6 ne, kuma waɗannan shidan su kaɗai za su dawo miki da N60,000. To da 6 za ki raba, lambar da kika zagaye.

Mu yi da hannu tukun. Ɗauko duwatsu 6 ki jera a ƙasa, kowane dutse kilo ɗaya ne na busasshe. Ɗauko ƙwayar wake 60, kowace ƙwaya 'yar dubu ce. Ki riƙa ajiye ƙwaya ɗaya gaban kowane dutse kina zagayawa har su ƙare. Ƙirga na gaban dutse ɗaya. Goma ne ko? To kilo ɗaya ya tsaya miki N10,000. Duwatsu nawa kika jera? Shida. Me ya sa shida? Don busasshe kilo 6 ne.

Yanzu da waya. Buɗe kalkuleta, danna 6, sai 0 sau huɗu, allo zai nuna 60000. Nemi alamar rabawa, ɗan layi ne da ɗigo a sama da ɗigo a ƙasa, haka ÷, a wasu wayoyin kuma layi ne a karkace haka /. Danna ta. Yanzu tsaya, ɗaga yatsa, kalli littafinki, wace kalma aka zagaye? BUSASSHE. Lambarta 6. Danna 6. Sai alamar layi biyu a kwance, =. Zai nuna 10000.

60,000 ÷ 6 = 10,000

Sannu da ƙoƙari, kin yi. Goge ki sake yi sau uku har yatsa ya saba.

To me zai faru in kika raba da 20? Zai ba ki 3,000. Sai ki ce to in na sayar N5,000 ai na ci riba mai kyau. Kilo 6 sau 5,000, N30,000 za ki dawo da ita gida, rabin uwar kuɗi ya tafi. Ga hanyar gane kuskuren da kanki ba sai malama na kusa ba: in amsar ta fito kusa da kuɗin ɗanyen kilo, kamar 3,000 kusa da 2,500, to da ɗanye kika raba. Amsar gaskiya takan ninka kuɗin ɗanye sau uku, sau huɗu, wani lokaci ma fiye.

Ina faɗa ina ƙarawa, duk da haka in na karɓi littattafai sai in ga 20 a ƙasan layi, kuma in na tambaya a ce wai ai ashirin na saya Malama. Na ji ashirin kika saya, nawa kika sauke daga wuta? Wallahi abin na damuna, don kuɗin adashe ne wasu ke zubawa a nan, wasu bashi ne, kuma aikin gida sai a kwafa wurin ta kusa a kawo min. Kwafa ba za ta raka ki kasuwa ba. Ki rubuta a bangon littafi da manyan baƙaƙe: A RABA DA BUSASSHE.

Akwai kuma masu rabawa da 6 daidai amma su bar gawayi da aiki da mota da gishiri da tsinke. Sai su ga N50,000 kawai, su sayar kilo N9,000, su tara N54,000 suna murna an ci N4,000. Alhali N60,000 ta fita, faɗuwar N6,000 ce, sai an zo sayen gawayi a ga babu kuɗi a rasa dalili.

Gwada wannan: kifin dai shi ne, kuɗin shi ne, amma kin ƙara masa wuta don ya jure ajiya, ya sauka kilo 5. Da nawa za ki raba? Da 5. 60,000 ÷ 5 = 12,000. Kilo ɗaya kawai ya ragu amma N2,000 ta hau kan kowane kilo. Kada wannan ya sa ki sauke shi da sauran danshi don ya yi nauyi, danna wajen kai inda nama ya fi kauri, in da laushi bai yi ba, da damina kwana kaɗan zai yi fumfuna ko tsutsa ta shiga.

Darasi na huɗu: riba

N10,000 ba farashin sayarwa ba ne, nan ne kika tashi ba ci ba faɗuwa. Ɗora riba a kai. In kin sa N2,000, kilo N12,000, shida N72,000, ribarki N12,000. Ki bar wurin ragi don mai saye zai taya. In kifi ya kwana biyu da hunturu ki sake aunawa, yana ƙara bushewa, in ya ragu ki sake rabawa da sabuwar lamba.

Darasi na biyar: mai sayarwa ɗai-ɗai

In ba da kilo kike sayarwa ba, ƙirga kifin da suka fito lafiya. Guda 40, 60,000 ÷ 40 = 1,500 kowanne. Waɗanda suka farfashe kada ki ƙirga su ciki, a kasa su daban.

Aikin gida

Ɗanye kilo 10, busasshe kilo 3. Kifi N25,000, gawayi N1,500, mota N1,000, aiki N2,500. Nawa kilo ɗaya ya tsaya? A zagaye lambar da aka raba da ita kafin a kawo.