Darasi: Duba tsabtar sinadari da farantin TLC

A ce kun ɗauki benzil alkohol kuna so ku mayar da shi benzaldehaid. Kun zuba abin da za ku zuba, kun juya na tsawon awa ɗaya. Dukansu biyu ruwa ne marar launi, don haka ido ba zai gaya muku ko aikin ya kammala ba. Farantin TLC, wato farantin da ake raba sinadaran da ke gauraye a kansa, zai gaya muku cikin mintuna kaɗan.

Farantin ɗan yankin alminiyom ne ko gilashi da aka shafa wa farin garin silika, kaurin shafin bai kai rabin milimita ba. Idan aka tsoma gindinsa cikin ruwan sinadari, ruwan yakan hau sama kamar yadda kananzir ke hawa lagwani, yana jan abin da aka ɗiga a kai. Silika kuma tana riƙewa. Sinadari mai maƙo, irin alkohol mai ɗauke da OH, yakan kama silika ya yi jinkiri. Wanda maƙonsa bai kai haka ba, kamar benzaldehaid, sai ya yi gaba.

Ku ja layi da fensir, santimita 1 daga ƙasan farantin. Kada ku yi da biro, domin tawada za ta narke ta bi ruwan. Ku narkar da ɗan ƙanƙanin samfur a cikin etil asitet, ku ɗiga shi da siririn bututun gilashi. Ɗigo uku za ku yi a kan layin. Na hagu benzil alkohol ne tsantsa, na dama abin da kuka ɗebo daga kwalbar haɗin, na tsakiya kuwa duka biyun, ɗaya a kan ɗaya. Na tsakiyar nan ne ɗalibai suka fi tsallakewa, kuma ina roƙonku kada ku bar shi. Ruwa ba kullum yake hawa daidai a gefe da gefe ba, amma a tsakiya su biyun hanya ɗaya suka bi. In sun rabu gida biyu, to lalle abubuwa biyu ne daban.

Sai zaɓen ruwan da zai hau, kuma a nan aikin yake. Gauraye ne na biyu: hekzen, wanda ba shi da ƙarfin ɓamɓare abu daga silika, da etil asitet mai ƙarfi. In kun sa hekzen zalla, ɗigon alkohol zai zauna a kan layi ko motsi babu. In kun sa etil asitet zalla, komai zai ruga har sama ya cure wuri guda. Wannan ya fi haɗari, domin za ku ga tabo ɗaya ku ce kayanku sun tsarkaka, alhali ruwan ne ya kwashe su gaba ɗaya. Ku fara da hekzen kashi 4, etil asitet kashi 1. Tabo ya maƙale a ƙasa, ku ƙara etil asitet. Ya yi sama da yawa, ku ƙara hekzen.

Ku zuba ruwan a kwalba mai murfi, zurfinsa rabin santimita, don kada ya taɓa layin fensir ya wanke ɗigon. Ku jingina takardar tacewa a ciki don tururin ya cika kwalbar, ku sa farantin, ku rufe. Ruwan nan biyu suna kama wuta, a nisanta su da harshen wuta. Da ruwan ya kusa kai ƙarshe, ku ciro farantin ku yi wa inda ya tsaya alama nan take, kafin ya bushe. A ƙarƙashin fitilar UV mai 254 nm, farantin da aka rubuta F254 a kwalinsa zai yi kore, tabon kuma ya fito duhu. Ku kewaye shi da fensir, kada kuma ku kalli fitilar kai tsaye.

Yanzu ku ɗauko rula ku auna daga layin farko. A ce ruwan ya yi tafiyar santimita 4, tsakiyar tabon alkohol tana 1.2, ta sabon tabon, wato na benzaldehaid, tana 2.4. Ana raba tafiyar tabo da tafiyar ruwa a sami Rf: 1.2 ÷ 4 = 0.3, sannan 2.4 ÷ 4 = 0.6. Rabuwa ce mai kyau. Idan a layin dama har yanzu akwai ɗan tabo a 0.3, alkohol bai ƙare ba, a ƙara lokaci. Idan kuka ga wani tabo can ƙasa yana jan jela, wataƙila aikin ya zarce, wani ɓangare ya koma asid ɗin benzoyik. Ɗigo ɗaya ko biyu na asid ɗin asetik a cikin ruwan yakan tattara jelar. Amma in kowane tabo yana jan jela, samfurin ne ya yi kauri, a sirka shi a sake.

Ko da tabo ɗaya kuka gani a dama, ku sake gwadawa da wani gaurayen, misali 9 da 1, domin abubuwa biyu na iya hawa tare a ruwa ɗaya su rabu a wani. Sannan akwai sinadaran da UV ba ta nuna su. Ku sa farantin a kwalba mai ƙwayoyin aidin kaɗan, da yawa daga cikinsu za su fito ruwan ƙasa-ƙasa.