Katalog ɗin farashi na PDF: me ya sa linkin ba ya dannuwa?

Mai shagon turaren wuta ta kwana tana tsara katalog, ta tura wa kwastomomi, ga rubutu shuɗi ƙarƙashin kowane kaya wai “danna nan ki yi oda”. Aka danna, shiru. Yawanci tsarin lafiyarsa lau, wajen fitar da fayil ɗin ne aka kashe linkin.

Idan da Word kika yi aikin, kada ki bi ta `Print` ki zaɓi `Microsoft Print to PDF`. Wannan hanyar tana ɗaukar shafin ne kamar za a buga shi a takarda, sai launin shuɗin ya fito, amma adireshin da ke ɓoye bayan rubutun ya ɓace. Ki bi ta `Save As` ki zaɓi PDF. A Canva kuwa ki sauke da `PDF Standard`, kada kuma ki taɓa akwatin `Flatten PDF`, don yana mayar da shafin hoto guda. Wanda ya sauke PNG ma, ba a magana.

Wani lokacin linkin yana dannuwa, sai WhatsApp ya ce lambar ba daidai ba ce. A nan laifin na sifili ne. Ana fara lambar da 234 a Najeriya, ko 227 a Nijar, a cire sifilin farko na lambar Najeriya, ba alamar +, ba tazara:

```
https://wa.me/234XXXXXXXXXX?text=Ina%20son%20humra%20H04
```

Abin da ya biyo bayan `?text=` saƙo ne da zai fito a rubuce a wayar mai saye, `%20` kuma tazara ce tsakanin kalmomi. Ni a ganina wannan ne amfanin katalog ɗin gaba ɗaya. Ki ba kowane kaya lamba da linkinsa, ta yadda in saƙo ya shigo kin san humra H04 ake so, kin huta da “wannan nawa ne?” alhali kwalabe goma ne a shafin.

Sai bango. Mutane suna cika shi da furanni, su manta da kwanan wata. Farashi ya tashi, ga wata Hajiya ta zo da katalog ɗin wata huɗu baya tana cewa ai haka kika rubuta. Ki sa “Farashin Maris” da shekara ɓaro-ɓaro, ki sa a sunan fayil ɗin ma. Sunan shago kuma ya hau can sama, domin ɗan hoton da WhatsApp ke nunawa kafin a buɗe fayil, saman shafin farko ne.

Kafin ki tura wa kowa, ki tura wa wayar ƙanwarki, ba taki ba. Ta danna linkin ɗaya bayan ɗaya ta turo saƙon, ke kuma ki duba ko lambar kayan da ta shigo ta yi daidai da hoton.