Ga mai shiga jirgin ƙasan dare daga Alƙahira zuwa Aswan

'Yan uwa masu zuwa Masar, wannan jirgin dare yakan isa Luksor, garin da ke kan hanya kafin Aswan, da sassafe, wani lokacin gari bai gama wayewa ba, kuma ba ya jimawa a tashar. Tun da dare ku gaya wa ma'aikacin taragonku inda za ku sauka, shi ne zai ƙwanƙwasa muku ƙofa ya kawo karin kumallo. Duk da haka ku saita ƙararrawar waya awa ɗaya kafin lokacin, don barcin jirgi nauyi gare shi.

Lambar tarago da ta gado na jikin tikiti, ku duba tun kafin ku hau. Ɗaki gado biyu ne, sama da ƙasa, dattijo a bar masa na ƙasa. Ku kulle ƙofa ta ciki, fasfo da kuɗi kuma su kwana a jikinku, kada a bar su cikin akwati.